Sarƙar da Sauda Ba Ta Auna Ba

Tun da aka kawo ni Ƙofar Wambai katanga ɗaya ce tsakanina da Sauda, kuma ban taɓa ganin ta gama shan koko a zaune ba. Sai ta ɗauki kofi ta kurɓa, ta ajiye a kan taga, ta tafi duba tukunya, ta dawo ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Juwairiyya, kin ji ƙarar nan?" Babu wata ƙara. Ko sallah ta idar, kafin ta shafa addu'a idonta yana kan ƙofa. Na sha ce mata wata rana ƙafafunta za su kai ƙararta wurin mai unguwa, sai ta yi dariya ta wuce, don ba ta da lokacin amsa mini.

Abu ɗaya ne yake tsayar da ita wuri guda, shi ne gwal. Mahaifinta, marigayi Malam Mijinyawa, maƙerin zinare ne, kuma da yake 'ya'yansa maza duk sun bi boko da tuƙin mota, ita ce ta tashi a gefen tabarmarsa. Bai koya mata ƙira ba, ya ce wuta ba ta mata ba ce. Amma gwaji kam ta kwashe shi tas. Da ya rasu, ita ta gaji ɗan baƙin dutsen gwajinsa, da gilashin da ake kafawa a ido, da magagari ɗan siriri, da 'yan kwalaben ruwan gwaji, wani asid mai ƙarfi da ba ta yarda kowa ya taɓa. Sikeli ne kawai ta sake, ta sayi na zamani mai batir.

Da wannan kayan ta zama abin da ta zama a unguwa. Ba ta sayar da gwal, ba ta saye. Mace za ta dawo daga Umara da awarwaro, ko dillaliya ta kawo mata ɗan kunne, sai ta aiko a kira Sauda, ko ta lallaɓo da kanta da abin a ƙulle a bakin zane. Sauda ta kafa gilashi a ido ta nemi lambar da aka buga a jiki. Mu da muke ganin lambobin nan kamar lambar mota, ita ta koya mana karanta su, da gyaɗa ma kuwa. Takan ƙirga ƙwaya ashirin da huɗu a faranti ta ce wannan shi ne gwal tsantsa, karat ashirin da huɗu. Ta janye uku ta sa wake a madadinsu, ta ce ga ashirin da ɗaya, irin na Saudiyya, shi ne ake buga wa 875, wato a cikin kashi dubu, ɗari takwas da saba'in da biyar gwal ne. In an janye biyu kacal, ashirin da biyu ke nan, 916. In an janye shida, sha takwas, 750, kashi uku cikin huɗu, irin wanda 'yan Italiya suka fi yi. Wanda aka buga wa 585 kuma sha huɗu ne, ya ɗan haura rabi da kaɗan. Da haka take yi wa mata lissafin zakka: sarƙa mai giram arba'in in sha takwas ce, gwal ɗin da ke cikinta giram talatin ne, sauran azurfa da jan ƙarfe ne da aka haɗa don ta yi ƙwari.

Amma kullum tana gama wannan karatu sai ta kife farantin ta ce, "To, lamba fa bugawa ake yi. Wanda ya buga ta gaskiya da guduma ya buga, maƙaryaci ma da guduma." Shi ya sa ba ta taɓa tsayawa a lamba. Sai ta goga abin a dutse ya bar zane, ta ɗiga ruwan gwaji na karat ɗin da aka ce. In zanen ya tsaya, gwal ya kai. In ya narke ya ɓace, bai kai ba, ko me lamba ta ce.

Daga gwaji aka koma ajiya. Gwal a wurin mace ba ado ba ne kawai, rufin asiri ne, kuma ba kowace ce take son mutanen gidanta su san yawan abin da take da shi ba. Wata tana da ɗa mai dogon hannu, wata mijinta in ya ga abu sai ya tuna yana da buƙata. Sai suka riƙa kawo wa Sauda. Ni ma ɗan kunnen uwata yana wurinta. Tana da ƙa'ida guda da ba ta ɗaga wa kowa: duk abin da za ta karɓa, sai ta auna shi ta gwada shi a gaban mai shi, ta faɗa da baki a ji, "Giram kaza, karat kaza, kin gani?" Sai mai shi ta ce ta gani, sannan ta ƙulle a tsumma. Har matar liman ta yi wa haka, matar ta kumbura, Sauda ba ta ko kalle ta ba.

Sau ɗaya tak ta karya wannan ƙa'ida, kuma don Maman Bunmi ta karya ta.

Sunanta na gaskiya Bernadette, amma a unguwa ba wanda harshensa yake juya shi, sai ake kiranta da sunan 'yarta Oluwabunmi. Kirista ce, tana da shagon zare da maɓalli a bakin titi, mijinta Tunji kuma mai gyaran janareto. Sun fi shekara talatin a Bauchi. Yadda ita da Sauda suka ƙulle har yau yana ba ni mamaki, don Maman Bunmi mace ce mai sanyi, in ta zauna a shago sai yamma. Sauda kuwa sau goma za ta wuce ta gaban shagon, kowane wucewa da rabin labari. Da sallah tuwo da nama su tafi, da Kirsimeti shinkafa da kaza su dawo, kazar ma Tunji yakan kawo ta da rai ya ce Malam, mijin Sauda, ya yanka. Lokacin da Sauda ta yi ɓari, Maman Bunmi ce ta rufe shago ta yi jinyarta. Ba zan ɓoye ba, wani lokacin har haushi nake ji, ni da nake maƙwabciyar katanga.

Maman Bunmi tana da sarƙa guda ɗaya, mai faɗin gaɓoɓi, da Tunji ya saya mata shekarar da ta haifi Bunmi. Ba ta sa ta sai Kirsimeti da Ista da bikin na kusa. Kowa ya san labarin sarƙar nan don ta ba da shi ya fi a ƙirga: yadda Tunji ya daina cin nama a waje yana tari, yadda ya nuna mata lambar da ke jikin ƙugiya ya ce, "Kin gani, 750, ɗan Italiya ne." Ba ta taɓa ba Sauda ta gwada ba, Sauda kuma ba ta taɓa tambaya ba.

Da Tunji ya rasu, ciwon kwana kaɗan, Maman Bunmi ta shirya tafiya kudu wurin danginsa. Ta ce wata biyu ko uku za ta yi. Tana tsoron hanya, sai ta kawo sarƙar ajiya. Ina tsakar gidan a ranar, ina taya Sauda tsince shinkafa. Na ga ta karɓi sarƙar, ta ɗan jinjina ta a tafin hannu, ta sake jinjinawa. Na ga ta dubi inda sikeli yake, ta dubi Maman Bunmi da idonta ya kumbura don kuka. Sai kawai ta naɗe ta a tsumma ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na ce a raina, yau kuma? Amma ana cikin makoki, sai na ci gaba da tsintar shinkafa.

Wata uku ya zama shekara biyar. Ciwon ƙafa ya riƙe ta can, ga jikokin dangin mijin. Sai bara Bunmi ta je ta dawo da ita, bayan ta gama karatu a jami'a a Gubi ta samu aiki da miji duk a nan Bauchi. Ranar da suka iso Sauda ta yi ta shiga da fita kamar za a yi suna a gidan. Ta miƙa ajiya a tsummanta, aka rungumi juna, aka yi kuka.

Bayan 'yan kwanaki abin ya fashe. Maman Bunmi ta yanke shawarar a narka sarƙar a yi wa Bunmi da angonta zoben aure, don uban ya halarci bikin ta wannan hanya. Bunmi ta kai wa wani maƙeri a kasuwar Wunti, Ashiru. Ba na ganin laifinsa, aikinsa ya yi. Maƙeri ba ya zuba abu a wuta bai san ko mene ne ba. Ya goga ƙugiya a dutse, ta ba da sha takwas daidai. Ya ɗan gurza wata gaɓa da magagari ya ɗiga ruwa, wurin ya yi kumfa ya koma kore. Ya ce mata ƙugiyar gwal ce, sarƙar kuwa tagulla ce da aka yi wa ruwan gwal mai kauri. Sai ya ƙara da tambayar da ta ƙone unguwa: "A hannun wa take?"

Bunmi yarinya ce mai zafi, kuma uba ne ya mutu ya bar abu ɗaya. Ba ta zagi kowa ba. Ta dai tsaya a shagon uwarta ta faɗa da ƙarfi cewa shekara biyar sarƙa tana hannun wadda ta san gwal, ta san maƙera, ta san yadda ake cire ƙugiya a mayar a jikin wata. Masu sayen zare suka ji. Kafin la'asar magana ta zaga har gidajen da ba su san launin gwal ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙona mini rai. Matan da Sauda ta rufa wa asiri shekara da shekaru suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Ba mai cewa ta ji wani abu. Wannan ta ce biki ya taso mata a Miri, waccan ta ce tana so ta nuna wa ƙanwarta. Munafuncin banza! Wata ma a gabana ta karɓi awarwaronta tana jujjuya shi a rana, ita da ba ta san 875 daga lambar waya ba. Sauda ta ɗora wa kowace nata a sikeli, ta faɗi nauyi, ta miƙa. Ba ta yi musu da kowa ba. Amma ta daina cin abinci. In da can tana yawo ne don jikinta ba ya son zama, yanzu yawon ya zama na wadda ƙasa take ƙona wa ƙafa. Ta share tsakar gida ta sake sharewa. Ta ɗauki mayafi ta kai zaure ta dawo. Mijinta, Malam Abdulsalam, ya ce ta je ta yi rantsuwa a gaban manya a huta, ta ce rantsuwa ba ta mayar da tagulla gwal.

Na shiga na same ta tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. Na ce, "Ke, ni fa ina wurin. Ba ki auna ba. Me kika ji a hannunki ranar nan?"

Ta ce, "Ba ta da nauyi, Juwairiyya. Sarƙa mai wannan faɗin, in sha takwas ce, ya kamata ta kusa ninka haka."

"To don me kika yi shiru?"

"Mijinta ko wata bai yi a ƙasa ba. In ce mata me?"

Na ce to yanzu sai ta faɗa. Ta ce in ta faɗa, ta wanke kanta ta shafa wa mamaci. In ta yi shiru, ita ce ɓarauniya, kuma 'ya'yanta a unguwar nan za su yi aure. Ta ajiye kwanon ta sake ɗauka. Na ce mata ni dai ban ga mamacin da zai shiga kasuwa ana nuna shi da baki ba, ita ce mai rai. Ta harare ni, amma ba ta ce ƙarya na yi ba.

Maman Bunmi ce ta kawo kanta, da hantsi, ita da 'yarta. Tun da abin ya faru ba ta goyi bayan Bunmi ba, ba ta kuma tsawata mata ba. Ta zauna a tabarma ta ajiye tsumman a tsakani. Ni kuwa ina jin sallamarsu na zagayo, ba wanda ya gayyace ni.

"Hajiya," in ji ta, da irin Hausarta, "ni ban zo faɗa ba. Kai ne ka san wannan abu. Ka gwada a gabana."

Sauda ta fito da kayan ubanta. Ta jera su a tabarma. Ta kafa gilashi ta karanta lambar ƙugiya, 750. Ta goga a dutse, ta ɗiga ruwan sha takwas, zanen ya tsaya. Ta ce, "Wannan gaskiya ta faɗa." Sannan ta ɗora sarƙar a sikeli, giram talatin da ɗaya. Ta sa kofin ruwa a kan sikelin ta mayar da shi sifili, ta ɗaura wa sarƙar zare ta sauke ta cikin ruwan tana lilo, ba ta taɓa gindi ba, ba ta taɓa gefe ba. Sikeli ya nuna uku da rabi da ɗan ɗori. Ta ce da Bunmi, "Ke kika yi boko, raba talatin da ɗaya da wannan." Bunmi ta danna waya ta ce takwas da rabi da wani abu. Sauda ta ce gwal tsantsa yana ba da sha tara da ɗori, sha takwas yana ba da wajen sha biyar da rabi, takwas da rabi kuwa tagulla ce. Ashiru bai yi kuskure ba.

Bunmi ta ce, "Wannan ai mun sani, Mama. Tambayar ita ce, wannan ce sarƙar babana?"

Sauda ta dubi ƙofa, kamar kullum, har na ɗauka tashi za ta yi. Sai ta ce, "Maman Bunmi, kin taɓa ba ni labarin ranar da yarinyar nan ta fizgi sarƙar a coci tana goye."

Maman Bunmi ta ce haka ne. Gaɓa ɗaya ta buɗe, Tunji ya ƙi kai wa maƙeri, ya ce shi ma mai gyara ne. Ya matse ta da filayar aikinsa, ta zauna a karkace, har suka yi faɗa a kai.

Sauda ta miƙa mata sarƙar ta ce, "Nemo ta."

Ba ta ko duba ba. Ta bi gaɓoɓin da yatsa kamar mai jan carbi, ta tsaya a kan ɗaya kusa da ƙugiya. Ga ta nan a karkace, da sawun haƙoran filaya a jiki. Ta ce, "Ga shi. Hannunsa ne." Har ta fara murmushi.

Sauda ta ba ta gilashin ta nuna mata yadda ake kafawa. Ta ce ta dubi cikin sawun. Inda filaya ta ciza, ruwan gwal ya ɓare tun a wancan lokaci, abin da ke ƙasa ya yi duhu, da ɗan kore-kore a lungu. Gwal ba ya yin haka ko ya shekara ɗari. Maman Bunmi ta daɗe tana kallo. Bunmi ta karɓa ta duba, ta ajiye gilashin a hankali, ta sunkuyar da kai.

Sauda ta shiga magana da sauri, tana tuntuɓe da kalmomi. Ta ce tsohuwar dabara ce, a sa ƙugiyar gaske a jikin sarƙar ƙarya, don an san mai saye lamba yake nema, mai gwaji na gaggawa kuma ƙugiya yake gogawa. Ta ce an yi wa manyan 'yan kasuwa haka, balle mai gyaran janareto. Ta ce Baban Bunmi kuɗin gwal ya biya, ta tabbata, shi aka cuta.

Maman Bunmi ta ce, "Ranar da ya matse shi, ya gani?"

Sauda ta dubi dutsen ubanta. Wannan kam babu dutsen da zai gwada shi.

"Kai fa, Hajiya? Yaushe ka sani?"

"Ranar da kika kawo."

Maman Bunmi ta gyaɗa kai. Ta naɗe sarƙar a tsummanta, ta daɗe tana ƙulla bakin. Bunmi ta durƙusa wa Sauda ta ce, "Mama, ki yafe mini," Sauda ta ce, "Ba komai, tashi." Uwar ta dafa bango ta miƙe saboda ƙafar. A bakin zaure ta juyo, ba da fushi ba, wallahi da fushi ne da ya fi sauƙi. Ta ce, "Hajiya, da ma kai ne ka sace. Da na yafe maka, in riƙe mijina yadda yake."

Kafin sati matan nan suka fara dawowa da ƙulle-ƙullensu, kowace da murmushi, wai ita dama ba ta taɓa yarda ba. Sauda ta auna, ta gwada, ta faɗa da baki, ta karɓa. An yi bikin Bunmi da zoben da ango ya saya, mun je, mun ci shinkafa. Maman Bunmi ta tarbe mu da kyau, wuyanta babu komai. Da Kirsimeti kaza ta zo, da sallah tuwo ya tafi. Sai dai Sauda ta daina bi ta gaban shagon zare, ta can baya take zagayawa, ta lungun masu faci.

Amma ranar da suka fita ɗin nan ita ce ba na mantawa. Na tsaya ina jiran Sauda ta zabura ta kwashe kwalabe, ta zubar da ruwan kofi, ta ce na ji wata ƙara. Ba ta tashi ba. Tana zaune a tabarma, baƙin dutsen ubanta a cinya, har inuwa ta bar tsakar gida rana ta hau kanta. Ni da na shekara talatin ina roƙon Allah ya zaunar da matar nan, sai ga ni ina cewa, "Sauda, don Allah tashi ki duba tukunya."